Idan kwamfuta ce ke yin maki, me ya rage a hannun malami?

Duk malamin da ya taɓa kwana a kan tulin takardun jarrabawa ya san yadda alƙalami ke canza hali. Takarda ta goma ana duba ta da natsuwa. Kafin a kai ta ɗari da hamsin ido ya gaji, amsar da aka ba maki uku da hantsi sai ta samu biyu bayan isha'i. Wannan gajiya na cikin dalilan da suka sa makarantu ke karkata ga manhajojin da ke yin maki da kansu. A Najeriya abin ba baƙo ba ne gaba ɗaya. WAEC da NECO sun daɗe suna duba takardun zaɓi-ɗaya da na'urar da ke karanta inda ɗalibi ya cike da fensir, JAMB kuma ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta tun 2015. Sabon abu shi ne na'ura ta fara shiga amsoshin da ɗalibi ke rubutawa da kalmominsa, kuma ta fara shigowa cikin makaranta, ba a hukumomin jarrabawa kawai ba.

Ranar da makaranta ta yanke shawarar yin haka, dole shugabanta ya rubuta wa malamai wasiƙa. Galibin irin waɗannan wasiƙu kan cika da lallashi, a ce wa malamai kada su damu, ba wanda zai rasa aikinsa, kuma “hukuncin ƙarshe na malami ne”. Wannan jimla ta ƙarshe tana da daɗin ji, amma a ganina ita ce mafi haɗari a cikin wasiƙar. Idan kowane malami zai iya canza kowane maki yadda ya ga dama, sayen manhajar ɓarnar kuɗi ce. Idan kuwa a aikace ba ya iya canza komai, an yi masa ƙarya. Wasiƙa mai amfani ita ce wadda ta zauna ta rarrabe: ga abin da malami zai gyara shi kaɗai, ga abin da sai an taru, ga kuma abin da ba mai taɓawa.

Kafin a kai ga rarrabewar, sai an fahimci abin da ake nufi da tsayayyen jadawalin maki. Takarda ce da ake rubutawa kafin jarrabawa, wadda ke faɗin abin da amsa za ta ƙunsa kafin ta samu kowane maki. Malaman da suka taɓa yi wa WAEC maki sun san ta sarai. Kafin a ba su takardu sai sun halarci taron daidaitawa, inda ake bin jadawalin layi-layi, a gwada shi a kan wasu takardu na gwaji har hannun kowa ya zo ɗaya. Bayan an rarraba takardun ma shugaban rukuni yana ɗibar wasu daga cikin na kowane mai maki yana sake dubawa. A lissafi, jadawalin yana raba maki gida-gida: akwai makin hanya, mai alamar M, akwai makin daidaiton amsa, mai alamar A. A insha'in Turanci kuma maki 50 ne, 10 na abin da aka faɗa, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 na ƙa'idojin rubutu. Saboda haka abin da wasiƙar ke sanarwa ba sabuwar aƙida ba ce. Bambancin kawai shi ne mai bin jadawalin yanzu ba ya gajiya, ba ya jin tausayi, kuma ba ya gane abin da ba a faɗa masa ba.

Ga yadda sakin layin farko na irin wannan wasiƙa zai iya kasancewa, a matsayin misali:

“Ya ku malamai, bayan gaisuwa da fatan alheri. Daga zangon karatu mai zuwa, manhaja ce za ta fara duba jarrabawar ƙarshen zango a tambayoyin zaɓi-ɗaya, da gajerun amsoshi, da lissafi. Za ta bi jadawalin makin da sashenku ya rubuta, shugaban sashe ya sa wa hannu mako guda kafin jarrabawa. Daga ranar da aka sa hannu, malami ɗaya ba shi da ikon sauya jadawalin. Amma makin da manhaja ta bayar na wucin gadi ne har sai malamin darasi ya duba ya amince, kuma ba za a nuna wa ɗalibi ko iyayensa ba kafin nan.”

Abu biyu ke cikin wannan sakin layi. Jadawalin na malamai ne, ba na kamfanin da ya sayar da manhaja ba. Sannan akwai tazara tsakanin lokacin da na'ura ta gama aiki da lokacin da sakamako zai fita. Duk sauran ikon malami a cikin wannan tazara yake.

Mu ɗauki tambaya ɗaya mu bi ta har ƙarshe. A ce an tambayi 'yan aji uku na ƙaramar sakandare: ɗan kasuwa ya sayi buhun masara naira 40,000, ya sayar 46,000; nawa ne ribarsa cikin ɗari? Jadawalin ya ba tambayar maki uku. Maki ɗaya na hanya ga wanda ya cire kuɗin saye daga kuɗin sayarwa. Maki ɗaya na hanya ga wanda ya raba ribar da kuɗin saye ya ninka da 100. Maki ɗaya na daidaito ga wanda ya kai ga 15%.

Ɗaliba ta farko ta yi komai daidai, ta rubuta 15% da hannu, amma ɗayanta yana da ƙugiya a sama, na'urar da ta karanta hoton takardar ta ɗauke shi bakwai, ta ga 75%. An hana ta makin ƙarshe. Ɗalibi na biyu ya yi tuntuɓe wajen ragewa, ya samu 5,000 maimakon 6,000, amma daga nan ya bi hanya daidai ya kai ga 12.5%. Bisa jadawali yana da maki biyu na hanya, ya rasa na daidaito. Manhajar da ke kallon amsar ƙarshe kawai sifiri za ta ba shi. Na uku ya samu 6,000 daidai, sai ya raba da 46,000, ya fito da kusan 13%. Shi maki ɗaya ne nasa, domin ya kuskure ainihin abin da ake gwadawa, wato a kan kuɗin saye ake auna riba.

A waɗannan ukun, idan na'ura ta ba da abin da ya saɓa, malami zai gyara nan take ba tare da neman izinin kowa ba. Dalili kuwa shi ne bai taɓa jadawalin ba. Jadawalin ya riga ya faɗi makin da kowannensu ya cancanta, na'ura ce ta kasa aiwatar da shi. Wannan shi ne rukuni na farko, kuma ya kamata wasiƙar ta lissafa shi dalla-dalla: kuskuren karanta rubutun hannu, hoton takarda da ya fito a karkace ko a dushe, amsar da aka rubuta a gurbin wata tambaya, makin hanya da aka tsallake, da amsa daidai da aka faɗa da kalmomin da ba sa cikin jerin da aka ba manhaja. Sharaɗi ɗaya ne: duk gyara sai malami ya rubuta dalili a layi guda, yana nuna layin jadawalin da ya dogara da shi. “Aikin hanya daidai ne, M biyu” dalili ne. “Yaron yana da ƙoƙari” ba dalili ba ne.

Kashi na ƙarshe a wancan jeri, wato amsa daidai da wasu kalmomi, yana da nauyi na musamman a darasin Hausa. Manhajoji irin su Moodle, a nau'in tambaya mai gajeruwar amsa, suna gwada abin da ɗalibi ya buga da jerin amsoshin da malami ya shigar, harafi da harafi. Idan amsar da aka shigar ita ce “ƙasa”, ɗalibi kuma ya buga “kasa” saboda madannin kwamfutar makarantar ba shi da harafi mai lanƙwasa, manhaja za ta ce ya faɗi. To ya faɗi ɗin? Idan tambayar ta ƙa'idojin rubutu ce, wataƙila e. Idan ta labarin ƙasa ce, a'a. Na'ura ba ta san wannan bambanci ba sai an gaya mata.

Yanzu ga ɗaliba ta huɗu. Ta yi aiki daidai, ta rubuta 15 ba tare da alamar % ba. Ta biyar kuma ta rubuta 0.15. Jadawalin bai ce komai a kan su ba. A nan ne malamai ke rabuwa. Malam na aji A zai ce tambayar ta riga ta ce “cikin ɗari”, don haka 15 ta wadatar. Malama ta aji B za ta ce amsa ba alama ba amsa ba ce. Kowannensu yana da hujja. Amma idan kowa ya gyara a ajinsa bisa fahimtarsa, yara biyu masu amsa iri ɗaya za su fita da maki daban, kuma abin da ya bambanta su shi ne ajin da aka jefa sunansu. An koma gidan jiya ke nan. A kasuwa ana iya gardama a kan girman mudu, amma ba a yarda mai awo ya riƙe mudu biyu, ɗaya na wanda ya sani, ɗaya na baƙo.

Wannan shi ne rukuni na biyu: matsalar tana cikin jadawalin kansa. Ko ya yi shiru a kan wani abu, ko amsar da aka shigar a matsayin daidai ita ce kuskure, ko tambayar tana da amsa biyu. Wasiƙar za ta ce malami ya kai ƙorafi ga shugaban sashe cikin kwanakin da aka ƙayyade, malaman darasin su zauna su yanke hukunci guda, a gyara jadawalin, sannan a sake yi wa dukkan ɗaliban da suka amsa tambayar maki, har da waɗanda malaminsu bai yi ƙorafi ba. A nan na'ura ta fi mutum amfani nesa ba kusa ba. A da, idan aka gano kuskure a jadawali bayan an duba takardu 300, ba kowa ke da ƙarfin halin komawa farko ba, sai a rufe ido. Yanzu an gyara amsar, an danna `Regrade` a Moodle, cikin ɗan lokaci an gama. Sai dai wasiƙar ta faɗi gaskiya tun da wuri: sake maki na iya rage wa wasu. Idan an gano amsar daidai C ce ba B ba, waɗanda suka zaɓi B za su rasa makin da suka samu a banza. Shi ya sa ake son a kammala wannan kafin sakamako ya fita. Ƙwace maki bayan yaro ya kai katin sakamako gida rigima ce da ba shugaban makarantar da ke so.

Rukuni na uku shi ne wanda malamai ba sa son a taɓo, amma wasiƙar da ta kauce masa ba ta yi aikinta ba. Yaro ya samu 49. A ma'aunin da makarantu da yawa suka aro daga WAEC, 50 zuwa 54 C6 ne, wato kiredit, 45 zuwa 49 kuma D7. Maki ɗaya ne tsakani. Malami ya san yaron, ya san maraya ne, ya san da rana yake zuwa gareji. Hannu na ƙaiƙayi. Amsar wasiƙar a nan ita ce a'a: ba a ƙara maki don tausayi, ko don halin kirki, ko don uban yaro ya yi waya, ba a kuma ragewa don rashin kunya a aji. Wannan hani, ko da ya yi kama da tauye malami, kariya ce gare shi. Malamin da aka matsa wa lamba daga sama ko daga gari yana da takardar da zai nuna ya ce, “Ranka ya daɗe, ba ni da wannan ikon, kuma duk canjin da na yi yana rubuce da sunana.”

Abin da makaranta za ta iya yi wa mai 49 shi ne ta sa doka cewa duk takardar da ta faɗo kusa da iyakar maki mutum zai sake duba ta daga farko. Amma akwai tarko. Idan ana sake duba masu 48 da 49 kawai, ana neman inda za a tsinto maki ɗaya, ba a taɓa duba masu 50 da 51, to ba gyaran kuskure ake yi ba, tura yara ake yi su haye. Na'ura na iya kuskure ta kowane ɓangare. Dokar gaskiya ita ce a duba sama da ƙasan layin duka.

Jihar Texas ta Amurka ta gwada wannan a babban mataki, kuma tsarinta ya cancanci a duba shi. Bayan an sake fasalin jarrabawar jihar mai suna STAAR a 2023, aka ƙara yawan tambayoyin da ake amsawa a rubuce, hukumar ilimin jihar ta koma ga na'urar maki a 2024. An horar da ita da amsoshi kusan 3,000 waɗanda mutane suka riga suka yi wa maki sau biyu. Adadin masu maki na wucin gadi ya sauko daga kimanin 6,000 zuwa ƙasa da 2,000. Amma ba a bar na'urar ita kaɗai ba. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na amsoshin mutum ne ke sake duba su: waɗanda na'urar da kanta ta nuna ba ta da tabbas a kansu, waɗanda suka zo da abin da ba ta saba gani ba kamar wani harshe ko kalmomin titi, da kuma wasu da ake ɗiba haka kawai don gwaji. Jarrabawar da ake yi da Sifaniyanci kuwa a lokacin an bar wa mutane. Duk da haka malamai sun yi ta ƙorafi kan yawan sifiri a rubutun ɗalibai, hukumar kuma ta danganta shi da sabon jadawalin, wanda ya fi na da tsauri. Wannan gardama ita ce dai rarrabewar da muka yi a sama: laifin mai aiwatarwa ne ko na jadawali? Wanda ke son a sake duba takarda yana biyan dala 50, ana yafe kuɗin idan makin ya canza. Wannan ɓangaren ban ga ya dace a kwaikwaya a makarantunmu ba, domin ƙorafin da sai da kuɗi na masu kuɗi ne.

Darasin da ƙaramar makaranta za ta ɗauka daga Texas shi ne ɗibar gwaji. Bai isa malami ya duba takardun da na'ura ta ɗaga wa tuta kawai ba, domin kuskuren da ya fi ɓarna shi ne wanda ta yi da cikakken tabbaci. A aji mai ɗalibai 60, wasiƙar na iya neman malami ya ɗebi takardu shida ba tare da zaɓe ba, ya yi masu maki da hannunsa kafin ya ga abin da na'ura ta bayar, sannan ya gwada. Wannan “kafin” yana da muhimmanci. Mutumin da ya fara ganin lamba a allo yakan sami kansa yana neman hujjar amincewa da ita, musamman idan takardu sun yi yawa kuma gobe ake rufe makaranta.

Akwai kuma alamomin da ke nuna abu ya lalace tun kafin kowa ya yi ƙorafi. Idan tambaya ɗaya ta kayar da ɗaliban da suka fi kowa maki a sauran takardar, alhali raunana suna cin ta, kusan kullum amsar da aka shigar ce ba daidai ba. Idan gyare-gyaren malamai daban-daban sun taru a kan tambaya guda, jadawalin ne ke da giɓi, sai a mayar da batun rukuni na biyu. Idan kuma malami ɗaya ne gyaransa duka ƙari ne, kuma duk a bakin 50 suke, shugaban sashe ya kira shi su sha shayi. JAMB ma ba ta tsira daga irin wannan ba. A 2025, bayan an yi ta kuka kan ƙarancin maki, hukumar ta binciko matsalar na'ura a cibiyoyi 157 a Legas da Kudu maso Gabas, magatakardanta Farfesa Ishaq Oloyede ya fito ya nemi afuwa, aka sake wa ɗalibai kusan 380,000 jarrabawa. Tambayoyin zaɓi-ɗaya ne fa, waɗanda ake ganin ba yadda za a yi kwamfuta ta kuskure su.

Insha'i kuma wani babi ne. Tun 1966 Ellis Page ya nuna a Amurka cewa kwamfuta na iya hasashen makin da mutum zai ba insha'i ta hanyar ƙirga abubuwa irin su tsawon rubutu da tsawon kalmomi. Daga baya Les Perelman na jami'ar MIT da ɗalibansa suka ƙirƙiri wata manhaja da ke zubo dogayen jimloli masu manyan kalmomi marasa ma'ana, na'urorin maki kuma suka riƙa ba su maki mai yawa. Manhajojin yau sun fi na wancan lokaci, amma da ni ke rubuta wasiƙar, zan bar wa na'ura ƙirgen kurakuran rubutu kawai, waɗancan maki 10 na ƙa'ida, shi ma a matsayin shawara. Makin abin da yaro ya faɗa da yadda ya jera hujjarsa zai zauna a hannun malami, musamman a insha'in Hausa, inda karin magana ɗaya da aka sa a muhallinsa kan ɗauki nauyin sakin layi guda.

Sauran hukunce-hukuncen da ya kamata wasiƙar ta ambata da suna su ne waɗanda tun asali ba na maki ba ne. Manhaja na iya nuna cewa amsoshin yara biyu sun yi kama ƙwarai, amma cewa an yi satar amsa hukunci ne na kwamitin ladabtarwa bayan an saurari yaran, domin waɗanda suka haddace littafin malami ɗaya dole amsarsu ta yi kama. Haka batun wanda rashin lafiya ta hana shi zama jarrabawa, da ƙarin lokaci ga mai lalurar gani, da makin ayyukan cikin zango, da shawarar wa zai wuce aji wa zai maimaita. A Najeriya wannan ya wuce batun kyautatawa. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba mutum haƙƙin kada a yanke masa hukunci mai babban tasiri a rayuwarsa ta hanyar na'ura zalla, da haƙƙin neman mutum ya sa baki, ya kuma ƙalubalanci hukuncin. Maimaita aji hukunci ne mai tasiri ta kowace fuska.

Abu na ƙarshe da malamai za su nema a wasiƙar shi ne ranaku. Idan na'ura ta gama maki ranar Laraba, aka ce a miƙa sakamako ranar Alhamis da safe, duk ikon da aka lissafa a sama ya zama ado, malami zai danna amincewa ne kawai ya tafi gida. Sai wasiƙar ta ware aƙalla kwanakin aiki uku na duba da gyaran rukuni na farko, ta sa ranar zaman sashe don ƙorafin jadawali, ta sa ranar sake maki, sannan ranar fitar da sakamako. Bayan fitarwa kuma ta faɗi kwana nawa ɗalibi ke da su ya nemi a sake duba takardarsa, da kuma cewa wani malamin darasin ne zai duba, ba wanda ya amince da makin farko ba.